Littafin ɗakin gwaji: rahoton aikin rubuta haɗin asfirin yadda wani zai iya maimaitawa

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Aikin da muka sa a gaba shi ne samar da shafukan littafin gwaji waɗanda wani masanin sinadarai zai ɗauka, ya haɗa asfirin daga farko har ƙarshe, ya sami abin da marubucin ya samu, ba tare da ya yi masa tambaya ko ɗaya ba. Mun zaɓi asfirin ne da gangan. Haɗinsa sananne ne, salisilik asid da asetik anhaidiraid da ɗan asid mai hanzarta aikin, kuma an daɗe ana yinsa, tun shafin da Felix Hoffmann ya rubuta a littafinsa a kamfanin Bayer ranar 10 ga Agusta, 1897. Idan sakamakon mutum biyu ya bambanta a irin wannan haɗi, babu mai cewa kimiyyar ce ke da wuya. Dole a koma kan rubutun.

Mun fara da wani tsohon shafi da muka tarar a ɗakin. Ga dukan abin da ke cikinsa: salisilik asid giram 2, anhaidiraid mililita 5, ɗigon asid kaɗan, a ɗumama na ɗan lokaci, a zuba ruwa, a sanyaya, a tace, a busar. A ƙasa an rubuta kashi 88 cikin ɗari, zafin narkewa 135 °C. Na tabbata wanda ya rubuta shi ya iya aikinsa, amma kansa ya rubuta wa, sauran bayanin yana hannunsa da idonsa.

Ni da abokiyar aikina mun yi yarjejeniya. Ita ce mai maimaitawa, ni ne mai rubutu. Ba za ta tambaye ni komai da baki ba. Duk inda shafi ya bar ta a tsaye, ta rubuta tambayar a nata littafin, ta rubuta zaɓin da ta yi, ta ci gaba. Ba mu muka ƙirƙiro wannan tsari ba: mujallar Organic Syntheses, wadda aka fara a 1921, ba ta buga hanyar haɗi sai an maimaita ta a wani ɗakin gwaji dabam an ga ta yi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ta gwada tsohon shafin yau. Tun kafin ta kunna murhu ta tsaya a kan kalmar asid, domin ana amfani da salfurik asid, ana kuma amfani da fosforik asid, kuma shafin bai faɗi wanne ba. Ta ɗauki fosforik. Zafin ɗumamawa da tsawon lokacinsa ma ita ta zaɓa wa kanta, 80 °C na minti goma sha biyar.

Inda abin ya lalace shi ne wajen zuba ruwa. Shafin ya ce a zuba ruwa, a sanyaya, sai ta bar fulas ɗin ya huce, ta juye ruwan ƙanƙara mililita 20 gaba ɗaya, ta dasa shi cikin ƙanƙara. Maimakon farin kiristal, wani mai ne mai kauri ya kwanta a ƙasa. Sai da ta daɗe tana karce bangon fulas ɗin da sandar gilashi kafin ya daskare ya zama dunƙule mai danƙo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Anhaidiraid ɗin da ake zubawa ya ninka abin da ake buƙata fiye da sau uku, saboda haka yawancinsa yana nan bayan an gama. Ba ya gauraya da ruwan sanyi nan take, kuma a sanyi a hankali yake rikiɗewa ya koma asetik asid. Sai ya ware gefe guda, ya riƙe asfirin ɗin a narke a cikinsa. Abin da masu wannan aiki suka saba yi shi ne su ɗiga ruwa kaɗan tun fulas yana da zafi, ya cinye ragowar anhaidiraid, sannan su ƙara sauran ruwan. Matakai biyu ne, da tazara a tsakaninsu, tsohon shafin ya dunƙule su a kalma uku.

Da ta miƙo mini littafinta ta ce, “Malam, ban saɓa wa shafin nan ko a wuri ɗaya ba.” Haka ne kuwa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Yau shiri kawai na yi. Littafin ɗinkakke ne mai lambar shafi, ba a cire takarda daga cikinsa, kuma da biro ake rubutu. Kowane gwaji yana ɗaukar lambarsa daga littafi da shafi, wannan shi ne L2-041, wato littafi na 2, shafi na 41. Lambar nan ita za ta bi duk kwalba da faifan gilashi da ya fito daga gwajin, don kada a wayi gari da farar hoda iri uku a kan tebur babu mai iya rantsuwa a kan wacece wacce.

A saman shafi na rubuta lissafin haɗin:

C7H6O3 + C4H6O3 → C9H8O4 + CH3COOH

Ƙarƙashinsa akwai jadawalin sinadarai. Kowanne da nauyin mol ɗinsa: salisilik asid 138.12, anhaidiraid 102.09, asfirin 180.16. Kowanne da kamfanin da ya yi shi, lambar rukunin da ke jikin kwalbar, tsaftar da aka rubuta, da ranar da aka fara buɗe ta. Ranar buɗewa ta fi muhimmanci ga anhaidiraid, domin yana shan danshin iska ya koma asetik asid, kuma ido ba ya bambanta su, dukansu kamar ruwa suke. Na bar gurbi biyu ga kowane sinadari, ɗaya na abin da aka yi niyyar aunawa, ɗaya na abin da sikeli ya nuna. Na biyun babu komai a ciki har sai ranar aiki.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na yi haɗin yau, littafin yana buɗe a gefen akwatin zuƙe hayaƙi, ina rubuta kowane mataki da agogo a lokacin da ya faru. Wannan ya fi komai wuya a aikace, saboda hannu yana cikin safa, ido yana kan fulas, zuciya kuma tana cewa a bari sai an gama. Amma wanda ya bari sai yamma, abin da ya saba yi zai rubuta, abin da ya faru yau kuwa ya riga ya gauraye da na sauran ranaku.

Sikeli ya nuna giram 2.013 na salisilik asid, haka na rubuta, ban mayar da shi 2 ba. Idan aka raba da 138.12 ana samun milimol 14.57, wanda ke nufin iyakar asfirin da za a iya samu giram 2.626 ne. Anhaidiraid mililita 5.0 da fifet na gilashi. Nauyin kowace mililita giram 1.08 ne, wato giram 5.40, milimol 52.9, ninki 3.6 na salisilik asid. Lissafin duka yana shafin, layi bayan layi, don mai karatu ya iya kama kuskure idan akwai.

Sai maganar ɗigo. Ɗigo ba ma'auni ba ne, girmansa ya danganta da bakin abin da aka ɗiga da shi. Na ɗora fulas a sikeli, na ɗiga fosforik asid mai ƙarfin kashi 85 sau biyar da siririn fifet na gilashi, ya ba da giram 0.21. Abokiyar aikina ta gwada ɗigo biyar da na roba, ta sami giram 0.33. Mai yiwuwa wannan bambanci ba ya canja komai a wannan haɗin, tunda asid ɗin hanzarta aiki kawai yake yi. Amma hukuncin cewa abu ba shi da tasiri sai bayan an gwada ake yanke shi, kuma ba za a iya gwadawa ba idan ba a san adadin ba. A shafin na sa giram 0.21, na ambaci ɗigo biyar a gefe.

Ga yadda tsakiyar shafin take:

10:12. Fulas mai cin mililita 125 ya shiga kwanon ruwan zafi. Kwano 85 °C. Ana juyawa da hannu.
10:16. Hoda ta narke duka, ruwan garau, babu launi. Cikin fulas 76 °C.
10:27. An fitar. Kwano 84 °C, ciki 79 °C.
10:28. Tataccen ruwa mililita 2.0, ɗigo-ɗigo, cikin minti ɗaya. Ya yi zafi, tururi mai warin binega ya tashi.
10:33. Tururi ya lafa. An ƙara ruwa mililita 20 mai zafin ɗaki, 24 °C.
10:41. Farin kiristal ya fara fitowa da kansa, ba a karce ba. Ciki 33 °C.
10:50. Cikin ƙanƙara.
11:10. An tace.

Abu biyu nake so a lura da su a nan. Na farko, tamomita biyu ne, ɗaya a kwano, ɗaya a cikin fulas, kuma tsakaninsu akwai tazarar digiri biyar zuwa tara. Wanda ya rubuta 80 °C kawai bai gaya wa kowa wanne yake nufi ba. Na biyu, rabin layukan abin da aka gani ne. Narkewar hoda a minti na huɗu, tashin tururi, fitowar kiristal a 33 °C, waɗannan su ne alamun hanya ga mai maimaitawa. Idan tata hodar ba ta narke ba bayan minti goma, ko ta ɗiga ruwa ba ta ga tururi ba, ta san tun a nan cewa wani abu ya bambanta, watakila anhaidiraid ɗinta ya sha iska. Ba sai ta jira kwana biyu ta ga mummunan sakamako ta rasa inda ya faro ba.

Tacewa da mazurarin Bukna da injin zuƙo iska. An wanke sau biyu, kowanne da ruwan ƙanƙara mililita 5. Adadin nan ma dole a faɗe shi, domin giram ɗaya na asfirin yana narkewa a kimanin mililita 300 na ruwa mai zafin ɗaki. Mai hannu sake da ya wanke da mililita 50 na irin wannan ruwa zai iya zubar da kusan giram 0.17, fiye da kashi biyar cikin ɗari na dukan abin da ake nema. Injin ya ci gaba da zuƙa na minti goma, sannan na kwashe a faifan gilashi wanda na riga na auna nauyinsa na rubuta.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Nauyi kawai. Ranar Litinin, da saukowa daga mazurari, giram 3.05, wato kashi 116 cikin ɗari, abin da ya ƙaru ruwa ne da asetik asid. Talata da safe, bayan kwana a desiketa, wato rufaffen mazubin busarwa mai silika, 2.31. Talata da yamma 2.24. Yau da safe 2.24. Sai da awo biyu a jere suka yi daidai na lissafa: 2.24 a raba da 2.626, kashi 85.

Duk awon huɗu suna shafin da lokutansu. Yanzu kashi 88 na tsohon shafi ba shi da wata ma'ana a wurinmu, tunda bai ce ko a bushe aka auna ba, bai kuma ce ko ɗanyen ne ko wanda aka tsarkake ba.

Da rana na tsarkake giram 2.00 ta hanyar narkar da shi a etanol da ruwa a bar shi ya sake fitowa. Sauran na ajiye a ƙaramar kwalba mai lamba L2-041-A don kwatance.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Tsarkakakken, L2-041-B, ya bushe a giram 1.62, kashi 81 na abin da aka saka, wato kimanin kashi 69 idan aka lissafa tun daga salisilik asid. Siraran allurai ne farare.

Gwajin FeCl3, wato ferik kuloraid mai nuna ragowar salisilik asid, na yi shi da bututu huɗu a jere: ruwa kaɗai, salisilik asid, A, da B, kowanne da ɗigon ruwan FeCl3 mai kashi 1. Salisilik asid yana da rukunin fenol a sake, shi ya sa yake ba da shunayya mai duhu. A asfirin an rufe wannan rukuni, sai launin ya tsaya rawaya. A ya nuna shunayya mai haske ƙwarai, B bai bambanta da bututun ruwa ba. Bututu biyu na farko suna cikin rubutun ne saboda kalmar “haske” ba ta da amfani sai an san da me aka kwatanta.

Zafin narkewar B: 134 zuwa 136 °C. Na rubuta inda ɗigon farko ya bayyana da inda ƙwaya ta ƙarshe ta ɓace, da sunan na'urar, da cewa an sa samfurin ne bayan ta kai 120 °C, ana hawa digiri ɗaya zuwa biyu a minti. Asfirin yana fara lalacewa idan ya daɗe a zafi, don haka wanda ya fara daga zafin ɗaki yana hawa a hankali zai iya ganin lamba ƙasa da wannan da samfuri iri ɗaya.

Abokiyar aikina ta karanta shafuka 41 zuwa 44, ta sa hannu da kwanan wata a ƙasan kowanne, na ja layi a kan guraben da suka rage babu rubutu. Ranar Litinin za ta fara.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Kashin farko ya tafi yadda ake so. Hodarta ta narke a minti na biyar, tururi ya tashi, kiristal ya fito a 35 °C ba tare da mai ba. Ɗanyen ya bushe a kashi 83, nawa 85. Bambancin da bai wuce wannan ba ana samunsa ko a hannun mutum ɗaya. Ba ta rubuta tambaya ko ɗaya ba har zuwa nan.

A tsarkakewa ne muka rabu. Daga giram 2.00 ta sami 1.71, fiye da nawa, amma FeCl3 ya ba da shunayya a fili, zafin narkewa kuma 130 zuwa 134 °C, ya sauka ya kuma faɗaɗa. Nauyin ya ƙaru, tsafta ta ragu.

Muka jera littattafan biyu. Shafi na 43 ya ce: an narkar a etanol mai kashi 95, mililita 6, da ɗumi, an ƙara ruwan ɗumi mililita 15, an rufe, an bar shi ya huce. Babu agogo a wannan sashe, babu tamomita. Nata littafin kuwa ya cika. Ruwan ɗuminta 35 °C ne, ta juye shi gaba ɗaya, nan take komai ya fito ya yi fari kamar madara. Don ta sake narkar da shi ta mayar da fulas a murhu a buɗe, ya yi minti 25 yana gab da tafasa.

Abin da muke zato shi ne abu biyu suka haɗu. Asfirin a ruwan zafi yana komawa salisilik asid da asetik asid, kuma daɗewa tana ƙara yawan abin da ya koma. Sannan etanol yana tafasa a 78 °C, saboda haka a buɗaɗɗen fulas shi ne ke fara tafiya. Abin da ya rage ya fi yawan ruwa, wanda ba ya riƙe salisilik asid sosai a sanyi, sai ya fito tare da asfirin maimakon ya bi ruwan tacewa. Wannan zai bayyana ƙarin nauyin da launin a lokaci guda. A littafi an rubuta shi ƙarƙashin kan magana “zato”, a ware daga abin da aka auna.

Ta tambaye ni a rubuce, “Malam, ruwanka digiri nawa ne?” Amsar da ta shiga littafi ita ce ba a auna ba. Ina jin ya kai 60 °C, amma lambar da aka tuno bayan kwana tara ba ta da hurumin zama a shafi na 43 kamar an karanta ta a tamomita. Ba a taɓa shafin ba, sai ɗan rubutu a gefe da kwanan watan yau: duba shafi na 52. Haka dokar gyara take a duk littafin, layi ɗaya a kan abin da aka soke yadda zai karantu, sabon a gefensa, da kwanan wata da dalili.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Ranar Litinin muka gwada zaton. Mun haɗa sabon ɗanye, muka raba shi gida biyu, giram 1.00 kowanne, etanol mililita 3 da ruwa mililita 7.5, mutum ɗaya ya yi duka biyun, da kwalabe iri ɗaya. Na farko: etanol a 55 °C, ruwa a 60 °C ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ya ɗan yi hazo ya washe da juyawa, jimlar zamansa a kan wuta minti huɗu, aka rufe da faifan gilashi. Na biyu an bi abin da ke littafinta daidai, har da minti 25 ɗin.

Na farko ya ba da giram 0.80, rawaya da FeCl3, 134 zuwa 136 °C. Na biyu giram 0.85, shunayya, 131 zuwa 134 °C. Matsalar ta dawo da aka kira ta, ta kuma tafi da aka canja matakin, wannan ya ishe mu mu gyara rubutun. Bai raba mana tsakanin illar daɗewa a zafi da illar tashin etanol ba, tunda tare suka zo a fulas na biyu, kuma haka aka rubuta. Raba su yana buƙatar fulas na uku da za a dafa minti 25 da kwandensa a kai don etanol ya riƙa komawa.

Shafi na 52 yanzu yana ɗauke da matakin tsarkakewa da zafin etanol, zafin ruwa, yadda ake ƙara shi, iyakar minti biyar a kan wuta, da abin da za a yi idan ya fito da wuri: a ƙara etanol mai ɗumi rabin mililita a juya, kada a ƙara wuta. Shafuka 53 da 54 su ne cikakkiyar hanyar a jere, kowane adadi da lambar shafin da aka samo shi.

Abin da ya rage: fulas na uku ranar Juma'a. Bayan haka shafuka 53 da 54 za su tafi hannun wani abokin aiki daga ɗakin da ke kusa, wanda bai ga ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan ba, da nasa sikeli da nasa kwalaben, domin abokiyar aikina yanzu ta san abin da ya wuce rubutun. A saman shafi na 53 an rubuta cewa an gwada hanyar a ma'aunin giram 2 ne kawai. A giram 20, zafin da ke tashi lokacin ɗiga ruwa da saurin hucewar fulas duk za su canja, kuma sai an sake auna lokutan.